Muryar da Mai Karatu Yake Sa wa Imel ɗinka

Wata Alhamis, wata ya zo ƙarshe, akantan ofishinmu ya tura wa ma'aikata ashirin da ɗaya imel guda. Da Turanci ya rubuta, kamar yadda muke yawancin aikinmu, amma ga shi da Hausa, a siffar da ya zo mana:

DUK WANDA YA YI TAFIYA A WATAN NAN YA KAWO RASIT ƊINSA KAFIN RANAR LITININ!!! BA ZA A BIYA WANDA YA MAKARA BA.

Ba sallama a sama, ba godiya a ƙasa. Kafin azahar wata yarinya da ba ta fi wata uku da kama aiki ba ta shigo wurina, ta tsaya a bakin tebur tana murza gefen mayafinta, ta ce, "Yallaɓai, don Allah wani laifi na yi wa Baba Akanta? Ina jin da ni yake, don ban kawo rasit ɗin tafiyar da na yi Dutse ba." Mutum tara ne ba su kawo ba a lokacin, amma ita ta ɗauka saboda ita kaɗai aka yi wannan tsawar.

Na tashi na same shi. Yana zaune yana ɓare gyaɗa, rediyo na ta magana ƙasa-ƙasa. Na ce, "Baba, yau wa ya taɓa ka?" Ya ɗago da mamaki, ya ce, "Ni? Ba kowa. Me ka gani?" Da na nuna masa saƙon sai ya ce, "Ai don su gani ne, ɗana. In na rubuta da ƙananan baƙaƙe wucewa suke yi." Dattijon ya shekara ashirin da wani abu a aikin gwamnati kafin ya zo wurinmu, inda ake buga kan kowace sanarwa da manyan baƙaƙe, a manna a allo, ba wanda yake jin an yi masa faɗa. Ko kaɗan ba ya cikin fushi. Amma yarinyar ma ba ƙirƙirar tsawar ta yi ba, ta ji ta da gaske. Abin da nake son mu duba shi ne ta ina wannan tsawa ta shigo, tunda wanda ya rubuta bai yi ta ba.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan matsala, domin harshenmu cike yake da 'yan ƙananan kalmomin da aikinsu ɗaukar murya. Ka ce wa mutum "kawo rasit ɗin mana", lallashi ne da ɗan ƙorafi. Ka ce "ka kawo rasit ɗin fa", gargaɗi ne. "Ka dai kawo rasit ɗin" kuma na nufin an bar sauran maganar sai daga baya. Umarnin ɗaya ne, amma "mana" da "fa" da "dai" sun nuna wa mai sauraro inda ya tsaya a wurinka. Ga kuma gaisuwa, wadda kafin a kai ga buƙata ta riga ta share hanya. Da zarar mun koma Turancin ofis, muka kuma taƙaita saboda sauri, duk waɗannan sun zube. Sai jimla ta isa wurin mai karatu tsirara, shi kuma ba zai iya karanta ta ba tare da murya ba, don haka sai ya ara mata wata daga cikin kansa.

Mai rubutu kuwa ba ya lura, domin shi yana jin muryarsa lokacin da yake bugawa. An gwada wannan. A shekarar 2005 Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu a Amurka sun wallafa wani bincike inda suka sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske ake faɗinsu, wasu gatse ne, sannan aka tambayi masu aikawar sau nawa suke jin za a gane nufinsu. Sun ce kusan kashi 80 cikin ɗari. Waɗanda suka saurari jimlolin da murya sun gane wajen kashi uku cikin huɗu, ba nisa da abin da aka zata. Waɗanda suka karanta ta imel kuwa kashi 56 suka samu, wato da kaɗan suka fi mai canki-canka, tunda zaɓin biyu ne kawai. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne maganin da suka gwada: da aka sa masu aikawa su karanta jimlolinsu a fili da kishiyar muryar da suka nufa, mai gatse ya karanta kamar da gaske yake, mai gaske ya karanta da gatse, sai wannan tabbacin nasu ya sauka. Sun ji da kunnensu cewa jimlar na iya ɗaukar murya biyu.

To wace murya mai karatu yake ara? A nan ne abin ya fi muni. Kristin Byron, wata malamar jami'a mai nazarin halayyar ma'aikata, ta tattara abin da aka sani game da imel a wurin aiki a wata maƙala ta 2008, ta kawo hujjar cewa saƙo yakan sauka mataki ɗaya a kan hanya. Wanda aka rubuta da fara'a sai a karanta shi kamar ba yabo ba fallasa, wanda kuma aka rubuta ba yabo ba fallasa sai a karanta shi kamar da ɓacin rai. Nazari ne da hujja, ba awo ba, amma duk wanda ya yi aikin ofis ya ga haka da idonsa. Ni abin da na lura da shi, saukar ta fi tsanani in saƙon daga sama ya fito. In abokin aikinka ya rubuto "zo ka same ni", tashi kawai za ka yi. In shugaba ne, kafin ka isa ƙofarsa ka gama lissafa duk abin da ka yi a makon nan.

Wannan ne ya bayyana abin da alamar motsin rai take yi a imel na aiki, wanda ya sha bamban da abin da aka koya mana a aji. A makaranta an ce ana sa ta ne a wurin mamaki ko tsoro ko murna, kamar "Kai!" da "Wayyo!" A ofis kuwa yawancin lokaci ba wanda ya ji mamakin komai. Mutum ya rubuta "Na gode!" ne don ya cike gurbin matakin nan da saƙon zai sauka, ya isa a matsayin godiyar da aka saba. Carol Waseleski ta ƙirga irin wannan a 2006, a rubuce-rubucen da ma'aikatan ɗakunan karatu suke tura wa juna kan aikinsu. Cikin alamomi 200 da ta duba, kusan kashi ɗaya cikin uku na nuna sakin fuska ne, kamar gaisuwa da godiya, wani kason mai kusan yawan haka na jaddada magana, waɗanda ke nuna zumuɗi ko hasala kuwa ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. Kashi 73 na alamomin mata ne suka rubuta su. Wannan adadin na ƙarshe yana taɓa ni, domin na ga yadda ake yi wa mata a kansa. Mace in ta sa alamar a ce ba ta da kamun kai, in ta cire a ce tana da girman kai, alhali namijin da ke kusa da teburinta bai taɓa sa ko ɗaya ba kuma ba wanda ya ce masa kanzil. Ba adalci a ciki, kuma shugabannin ofis ne ya kamata su kama kansu in sun ji suna yanke irin wannan hukunci.

Sai dai alamar ba ta da ma'ana guda da take yawo da ita. Jimlar da ta zauna a bayanta take ƙara wa ƙarfi, ko wace iri ce. A bayan godiya ta zama fara'a. A bayan umarni ta zama ɗaga murya. "Sannu da ƙoƙari!" da "Kawo shi yau!" alama ɗaya suke ɗauke da ita, amma ta farko murmushi ce, ta biyu buga tebur. In aka jera uku kuwa, kamar yadda Baba Akanta ya yi, an wuce jaddadawa, an shiga nuna cewa haƙurin mai rubutu ya ƙare, ko da bai ƙare ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk wannan tasiri, wanda ni da kaina sai da na ɓata wa wani rai kafin na gane shi. Mai karatu ba alamar kaɗai yake kallo ba, yana gwada ta da abin da ka saba yi masa. Akwai wani matashi da ke turo mini rahoton mako duk ranar Juma'a. Watanni ina amsa masa da "Na gode, aiki ya yi kyau!" ko wani abu mai kama da haka. Wata Juma'a ina cikin cunkoson motoci, ana ta hon, na buɗe rahoton a waya, na duba, babu matsala, na rubuta "Na gani." na aika. Ranar Litinin da sassafe na tarar ya sake rubuta rahoton gaba ɗaya, ya ƙara shafi biyu, ya haɗa da ban haƙuri a kan kuskuren da babu shi. Asabar da Lahadinsa sun tafi a banza. Da tun farko "Na gani." nake amsa masa da shi, da bai ji komai ba. Faɗuwar daga abin da ya saba zuwa kalma biyu da aya ita ce ta yi masa magana, kuma ta faɗa masa abin da ban nufa ba. Har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi.

Ita ma ayar ba ta da laifi a kanta, amma a gajeren saƙo takan yi nauyi. Celia Klin da ɗalibanta a Jami'ar Binghamton sun nuna wa ɗalibai 126 gajerun amsoshi na kalma ɗaya, irin na amincewa da gayyata, wasu da aya a ƙarshe wasu babu. A saƙon waya, an ɗauki masu aya a matsayin waɗanda ba su kai zuci ba. Da aka nuna amsoshin a rubutun hannu, bambancin ya ɓace. An wallafa wannan a 2016. Saƙon tes suka gwada, ba imel ba, kuma a kan ɗaliban Amurka, don haka kada wani ya fara cire aya daga wasiƙun ofis. Darasin da ya shafe mu shi ne imel ɗin da bai wuce kalma biyu ba, wanda aka karanta a waya, ya riga ya zama kamar tes a idon mai karatu, kuma da ma'aunin tes zai auna shi.

Manyan baƙaƙe labarinsu ya fi sauƙi, domin an daɗe da daidaitawa a kansu. Tun a watan Oktoba na 1995 wata takardar ladubban mu'amala ta intanet mai lamba RFC 1855, wadda Sally Hambridge ta kamfanin Intel ta rubuta, ta ce a gauraya manya da ƙanana, domin rubutu da manya zalla kama yake da ihu. Duk wanda ya tashi da waya a hannu ya sha wannan fahimtar ba tare da an koya masa ba. Wanda ya tashi da tafireta da fom ɗin gwamnati, inda ake cewa a cike suna da manyan baƙaƙe, shi a wurinsa manya alamar tsari ce da muhimmanci. Wanda ya fara karatu da ajami ma, rubutunsa na farko ba shi da manya da ƙanana sam. Saboda haka a ofis ɗaya za ka samu mutum biyu suna kallon layi guda, ɗaya yana ganin sanarwa, ɗaya yana jin tsawa. Abin da ya faru tsakanin Baba Akanta da yarinyar nan ke nan.

Amma ko a ajiye maganar ihu, dabarar Baba ba ta biya masa buƙatarsa. Jaddadawa da bambanci take aiki. In kalma ɗaya ce babba a cikin layin ƙanana, ido zai faɗa kanta kai tsaye. In duka layin manya ne, ba abin da ya fito, ido ba shi da wurin sauka. A saƙonsa abu ɗaya ne yake son kowa ya riƙe, wato ranar Litinin, kuma ita ce ta nutse a tsakiyar sauran. Har wani direba ya zo yana tambayata ko ranar Juma'a aka ce.

Wannan abu ya taɓa cin aikin wata mata. A birnin Auckland na ƙasar New Zealand, wani kamfanin harkar lafiya ya sallami jami'arsa ta kuɗi a 2007, cikin dalilan har da cewa imel ɗinta masu manyan baƙaƙe da jan rubutu da kauri suna haddasa rashin jituwa a ofis. Saƙon da aka kawo shaida bayani ne kan yadda ma'aikata za su cike fom ɗin neman a biya su kuɗin da suka kashe, kusan irin na Baba. A 2009 hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta ƙasar ta ce korar ba ta kan ƙa'ida, ba a ma yi mata gargaɗi ba, ta sa a biya ta dalar New Zealand 17,000. Ina ganin hukumar ta yi daidai. Ina kuma ganin ba tsautsayi ba ne a ce akanta ce a can, akanta ne a nan. Mutanen da aikinsu ya ɗora musu bin jama'a da wa'adi, ana ta watsi da saƙonsu, su ne suke ƙara girman baƙaƙe wata bayan wata, har a wayi gari a ce ba su da hali.

Imoji kuwa shi ne wanda mutane suka fi yi wa kyakkyawan zato. Ana ɗauka fuskar murmushi a rubutu daidai take da murmushi a fuska. Ella Glikson da Arik Cheshin da Gerben van Kleef sun gwada wannan zato a binciken da ya fito a 2017, da mutum 549 daga ƙasashe 29. An ba su imel na aiki daga wanda ba su sani ba, wasu da fuskar murmushi a ciki, wasu babu. Murmushin gaske, kamar a hoto, yana sa a ga mutum da kirki a kuma gan shi da ƙwarewa. Na imoji kuwa, a saƙon aiki na hukuma, bai sa an ga kirki ya ƙaru yadda ake zato ba, ya kuma rage ganin ƙwarewar mai rubutun. Abin bai tsaya a ra'ayi ba: waɗanda suka amsa saƙo mai imoji sun fi taƙaita bayanin da suka bayar kan aikin. A lura da iyakar binciken, domin ana yawan faɗaɗa shi fiye da abin da ya ce. Haɗuwar farko ce, tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Da aka mai da saƙon na sha'anin zumunci a ofis, illar ba ta fito haka ba. Don haka abin da zan gaya wa matashi mai neman aiki ko mai rubuta wa sabon abokin hulɗa shi ne ya bar imoji a aljihu har sai ɗaya ɓangaren ya fara. Tsakanin waɗanda suka shekara suna shan shayi tare kuwa, wannan bincike bai hana kowa komai ba.

Wurin da na fi ganin imoji yana ɓarna a ofisoshinmu shi ne a bayan gyara. Shugaba ya rubuta, "Wannan karo na uku ke nan da lissafin nan ya zo da kuskure 🙂". A ransa ya sassauta. Wanda aka rubuta wa kuwa ya rasa inda zai kama: in maganar mai nauyi ce me ya kawo murmushi, in kuma wasa ce me ya sa aka ƙirga har uku? Galibi sai ya yanke cewa habaici ne, kuma habaici ya fi faɗa ciwo, domin ba a iya amsa shi. Takardar nan ta 1995 ma ta yi wannan gargaɗin, cewa kada mutum ya ɗauka fuskar murmushi za ta wanke maganar da take da zafi. In gyaran mai nauyi ne, kalmomi ne za su sassauta shi: ka faɗi inda kuskuren yake, ka ce a zo ku duba tare.

Sannan ga babban yatsa, 👍, wanda a wurinmu yake ɗaukar ma'ana aƙalla uku: na gani, na yarda, ko kuma a bar maganar haka. A lardin Saskatchewan na Kanada wani mai sayen amfanin gona ya tura wa manomi hoton takardar kwangila ta waya a 2021, ya ce ya tabbatar. Manomin ya amsa da babban yatsa. Farashi ya tashi, kaya ba su zo ba, manomin ya ce shi nufinsa saƙo ya iso kawai. A 2023 kotu ta ce amincewa ce, ta ɗora masa diyyar dalar Kanada dubu 82 da 'yan kai. Yadda alƙalin ya kai ga hukuncin shi ne abin lura. Ya koma kan cinikin da mutanen biyu suka yi a baya, ya ga manomin ya saba amsa irin wannan saƙo da gajeriyar kalmar amincewa, kuma kowane karo yana kawo kaya. Da abin da aka saba aka fassara yatsan, kamar dai yadda matashin nan ya fassara "Na gani." ɗina. Tun daga nan na hana a amsa buƙatar fitar da kuɗi da imoji a sashenmu. In ka amince, rubuta cewa ka amince, da adadin.

Mu koma kan saƙon Baba, domin a ranar muka zauna muka sake shi tare. Na fara tambayarsa abu ɗaya da yake so kada kowa ya manta. Ya ce Litinin, ƙarfe goma sha biyu, don da ƙarfe biyu yake rufe lissafin wata ya tura. Sai muka kai wannan kan taken saƙon, inda ake gani tun kafin a buɗe. Muka dawo da gaisuwa, layi ɗaya. Muka cire alamomin motsin rai uku daga bayan umarnin, muka bar guda a bayan godiya, inda za ta yi fara'a. Barazanar ƙin biya kuma muka mai da ita bayanin dalili, wanda ma shi ne gaskiyar lamarin, tunda ba hana kowa kuɗinsa zai yi ba, sai dai ya jira wata mai zuwa. Ga abin da ya fito:

Take: Rasit ɗin tafiye-tafiye, zuwa Litinin ƙarfe 12 na rana

Assalamu alaikum, barkanmu da aiki. Duk wanda ya yi tafiya a watan nan, don Allah ya kawo mini rasit ɗinsa zuwa ranar LITININ ƙarfe 12 na rana. Da ƙarfe 2 nake rufe lissafin wata, abin da ya zo bayan nan sai a biyan wata mai zuwa. Wanda rasit ɗinsa ya ɓata ya same ni kafin ranar, mu ga yadda za a yi. Na gode!

Baba ya karanta sau biyu, ya ce, "Wannan ai ya yi laushi, ba za su ji tsoro ba." Na ce, "Baba, tsoro kake so ko rasit?" Ya yi shiru, sannan ya ce in bar masa kalmar Litinin da manya. Na ce ai ita kaɗai ce ta cancanta. Wa'adin bai rasa ƙarfinsa ba, har ma ya fi na farko fitowa fili, tunda yanzu akwai ƙarfe a ciki.

Akwai inda hannun mai rubutu ba ya kaiwa. In tsakaninka da mutum da ma akwai 'yar tsama, duk yadda ka rubuta da ita zai karanta. Ka sa alamar motsin rai ya ce munafunci, ka cire ya ce gaba. Wanda aka saka a layin `Cc` ma yana canza muryar saƙo fiye da kowace alama: jimla mai ladabi in aka kwafa wa shugaban mutum ta zama ƙara. Haka jar alamar nan ta Outlook da ake liƙa wa saƙo don nuna muhimmanci, in kullum kana sa ta, mutane sun daina ganinta, in kuma ba ka taɓa sawa ba sai yau, gaban mai karɓa zai faɗi.

Ana iya gane an yi maka mummunar fahimta in aka kula da amsar da ta dawo. Wanda ya saba kiranka Malam ya koma cikakken sunanka da muƙami. Tambayar layi ɗaya ta jawo amsar sakin layi huɗu cike da kare kai. Ban haƙuri ya zo a kan abin da ba ka yi ƙorafi a kansa ba. Ko kuma wani sabon suna ya bayyana a layin kwafi. Duk lokacin da na ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba na ƙara rubuta komai, domin imel na biyu da muryar da aka riga aka ara za a karanta shi. Tashi nake in je, ko in buga waya, in fara da gaisuwa.

Haka Baba Akanta ya yi a ranar, ba tare da na ce masa ba. Bayan ya tura sabon saƙon ya leƙa ofishin su yarinyar, ya ce, "'Yata, an ce na tsorata ki. Rasit ɗin Dutsen yana nan?" Ta ce na otal yana nan, na mota ne mai tasha bai ba ta ba. Ya ce ta rubuta adadin a takarda ta sa hannu, shugaban sashenta ya sa nasa, ta kawo masa kafin Litinin.